Iyakar da Kuɗin Ajiya Ba Ya Tsallakewa

A shekarar 1683, wani malamin lissafi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, mai suna Jacob Bernoulli, ya zauna da wata tambaya da kowane ɗan kasuwa zai gane ta nan take. A ce mutum ya ajiye kuɗi a wurin da aka yi masa alkawarin ƙarin kashi 100 cikin 100 a shekara. Idan sau ɗaya ake lissafa ƙarin, a ƙarshen shekara, naira ɗaya ta zama biyu, magana ta ƙare. To idan aka raba shekarar gida biyu fa, aka ba shi rabin ƙarin bayan wata shida, aka zuba shi a kan uwar kuɗin, sannan aka lissafa ragowar rabin a kan sabon jimlar? Naira ɗaya za ta zama 1.50 a tsakiyar shekara, ita kuma 1.50 ɗin ta ƙaru da rabinta, ta zama 2.25. An samu ƙarin kwabo 25 ba tare da an taɓa alkawarin farko ba, illa dai an sauya lokacin biya.

Bernoulli ya ci gaba da yanka shekarar. Gida huɗu ya ba da 2.44. Wata-wata ya ba da 2.61. Mako-mako 2.69, kullum-kullum kuma 2.7146. Duk wanda ya ga lambobin suna hawa haka, zuciyarsa za ta raya masa cewa in aka koma lissafin awa-awa, ko daƙiƙa-daƙiƙa, kuɗin zai yi ta tashi har ya fi ƙarfin ƙirga. Ba haka abin yake ba. Bernoulli ya nuna cewa komai ƙanƙantar yankan, jimlar ba za ta taɓa kai 3 ba. Tana matsawa ne kusa da wata lamba guda da ke tsakanin 2 da 3, kullum tana ƙara kusantarta, amma ba ta wuce ta.

Lambar ita ce 2.71828, da wasu lambobi a bayanta da ba su da ƙarshe. Leonhard Euler, shi ma haifaffen Basel, wanda ya yi karatu a hannun Johann, ƙanin Jacob Bernoulli, shi ya laƙaba mata harafin e, kuma harafin ya fara fitowa a bugu cikin littafinsa na 1736. Shi ne kuma ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya a samu e daidai. Abin da masu lissafi ke kira iyaka ke nan: inda jerin lambobi ya dosa, ko da bai taɓa sauka a kai ba.

Sai dai babu bankin da ke ba da kashi 100 cikin 100, kuma ba kowa ke ajiya ta shekara ɗaya cif ba. Saboda haka ake buƙatar tsarin da ya haɗa kowane irin kashi da kowane tsawon lokaci. Ana rubuta shi haka:

(1 + a/x)^(bx)

Haruffan uku ba abin tsoro ba ne. Harafin a shi ne ƙarin da aka yi alkawari a shekara, a rubuce da ɗigo, wato kashi 12 cikin 100 ya zama 0.12. Harafin x shi ne sau nawa ake lissafa ƙarin a zuba shi kan uwar kuɗi a cikin shekara: 12 idan wata-wata ne, 365 idan kullum ne. Harafin b shi ne yawan shekaru. Abin da ke cikin baka yana faɗin yadda kuɗin ke ƙaruwa a zubi ɗaya, domin an kasa ƙarin shekara gida x. Alamar ^ kuma tana nufin a yi ta ninka abin da ke cikin bakan da kansa, sau bx, wanda shi ne jimlar zubin da za a yi daga ranar ajiya zuwa ranar ɗauka. Tambayar ita ce: ina wannan lissafi ya dosa idan x ya yi ta girma ba tsayawa? Amsar gajeriya ce. Ya dosa e^(ab). Wannan shi ake nufi da ƙari mai gudana ba yankewa, inda ake ɗauka kamar kowane ƙiftawar ido ana zuba ƙarin a kan uwar kuɗi.

Bari a gwada shi da kuɗi a hannu. Wata malamar makaranta ta ajiye naira 100,000 na shekara biyar, a kan kashi 12 cikin 100 a shekara. Lambobin misali ne kawai, an zaɓe su don sauƙin bi. A nan a ya zama 0.12, b ya zama 5, in aka ninka su ab ya zama 0.6.

Da a ce kowace shekara tana zuwa ta kwashe ƙarin nan na naira 12,000 ta kai gida, to bayan shekara biyar abin da ta samu gaba ɗaya, uwa da ƙari, naira 160,000 ne. Idan kuwa ta bar shi a ciki, ana zuba shi kan uwar kuɗin sau ɗaya a shekara, za ta tarar da naira 176,234. Bambancin naira dubu goma sha shida da 'yan kai ya fito ne daga wuri ɗaya: ƙarin da aka bari ya zauna, shi ma ya shiga haifar nasa ƙarin. Makiyayi ya san wannan tun kafin a buɗe banki a ƙasar nan. Wanda ke sayar da 'ya'yan akuyarsa da zarar an yaye su, kullum akuya ɗaya yake da ita. Wanda ya bar su a garke, su ma za su haihu.

Yanzu a ƙara yawan zubin. Duk wata shida, malamar za ta samu 179,085. Duk wata uku, 180,611. Wata-wata, 181,670. A lura da yadda tsallen ke raguwa: daga shekara-shekara zuwa wata shida-shida an ƙaru da kusan naira 2,850, amma daga wata uku-uku zuwa wata-wata, duk da an ninka yawan zubi har sau uku, ƙarin bai fi naira 1,060 ba. Kullum-kullum, wato zubi 1,825 a shekara biyar, ya ba da 182,194. Iyakar kanta kuwa, e^(0.6), ita ce 1.82212, wato naira 182,212.

Tsakanin lissafin kullum da lissafin da ba ya yankewa, naira 18 ce kacal a shekara biyar. Ko da banki zai sa na'urarsa ta riƙa zuba ƙari sau dubu a kowace daƙiƙa, iyakar abin da malamar za ta ƙaru da shi ke nan, kuɗin da bai isa sayen ledar ruwa ba a yau.

Me ya tare shi? Akwai hanyar gani da ba ta buƙatar dogon karatu. A ɗauki naira 182,212 ɗin nan a warware ta zuriya-zuriya. Uwar kuɗi naira 100,000 ce. Abin da ita kanta ta haifa a shekara biyar shi ne kashi 60 cikin 100 nata, naira 60,000. Su ne 'ya'ya. Su ma 'ya'yan suna haihuwa, amma ba tun ranar farko suke nan ba. Sun fara daga sifiri suna taruwa a hankali har suka kai 60,000 a rana ta ƙarshe, don haka in aka daidaita tsawon lokacin, kamar rabinsu ne, 30,000, suka yi aikin shekara biyar ɗin. Kashi 60 cikin 100 na 30,000 shi ne 18,000. Su ne jikoki. Jikokin sun fi makara wajen zuwa, domin sai da aka jira iyayensu, saboda haka in aka daidaita, kashi ɗaya cikin uku nasu ne ya yi cikakken aiki: 6,000, wanda ya haifi 3,600. Zuriya ta gaba ana raba ta da huɗu, ta ba da 540. Mai bi mata 65, sannan 6, sannan abin da bai kai naira ɗaya ba. A tara su: 100,000 da 60,000 da 18,000 da 3,600 da 540 da 65 da 6, an samu 182,211, saura ƙiris a cika.

Ga dalilin iyakar nan a fili. Yawan zubi yana buɗe ƙofa ne ga zuriyoyin baya su samu damar zuwa, amma kowace zuriya ta fi ta gabanta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin ana raba ta da lamba mai ƙara girma: biyu, uku, huɗu, biyar. Ba a daɗe ba sai abin da ake ƙarawa ya zama ƙura. A misalin Bernoulli, inda ab yake 1, jerin shi ne 1 da 1 da 1/2 da 1/6 da 1/24, haka har gaba. In aka ajiye shi kusa da jerin 1 da 1 da 1/2 da 1/4 da 1/8, wanda kowa zai iya ganin ba ya wuce 3, za a ga babu gaɓar da na farkon ya fi na biyun girma. Shi ya sa e ba ta kai 3 ba.

Ga ɗalibin da zai gamu da wannan a jarrabawa, hanyar da ake bi daga tsarin Bernoulli zuwa na gaba ɗaya taku uku ce. Da farko a ba wa x/a sabon suna, a kira shi n. Da an yi haka, a/x ya zama 1/n, shi kuma x ya zama an. Na biyu, a mayar da su cikin lissafin: abin da ke cikin baka ya koma 1 + 1/n, lambar sama kuma ta koma abn, wato ana iya rubuta duka a matsayin [(1 + 1/n)^n]^(ab). Na uku, idan x ya yi ta girma, n ma girma yake yi muddin a ya fi sifiri, kuma abin da ke cikin babban bakan shi ne ainihin lissafin Bernoulli, wanda ya dosa e. Abin da ya rage shi ne e^(ab). Misali, (1 + 3/x)^(2x) ya dosa e^6, wato kimanin 403.4.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne wata gajerar hanya mai kama da gaskiya. Sai ɗalibi ya ce: ai idan x ya girma, a/x ya zama sifiri, cikin baka ya zama 1, kuma 1 ko sau nawa aka ninka shi da kansa 1 ne, don haka amsa 1 ce. Wani kuma ya biyo ta ɗaya gefen ya ce: cikin baka ya ɗara 1 ko yaya, kuma duk abin da ya ɗara 1 in aka yi ta ninka shi ba iyaka, zai tashi ba iyaka. Dukansu biyu kuskure ɗaya suka yi. Kowannensu ya tsayar da ɓangare ɗaya ya bar ɗayan yana tafiya, alhali x ɗaya ne ke ƙasa da sama, kuma tare suke motsi. Yayin da cikin bakan ke saukowa zuwa 1, yawan ninkin yana hawa da daidai wannan saurin, kuma e^(ab) ita ce inda ja-in-jar ta tsaya. Hanyar gane haka ita ce a sauya saurin ɗaya daga cikinsu. Idan lambar sama b ce kawai, ba x a jikinta, to ɗalibi na farko ya yi gaskiya, amsa 1 ce. Idan kuma x sau x ne a sama, na biyu ya yi gaskiya, lissafin ya tashi ba dawowa. Sai a lokacin da saurin biyu ya zo ɗaya ne e ke fitowa.

Akwai kuma kurakuran hannu. Wanda ya sa 12 a madadin 0.12 zai samu e^60, lamba mai tsawon gurbi 27, kuma girmanta kaɗai ya isa ya farkar da shi. Wanda ya ɗauki kashin wata ya ninka da yawan shekaru ya gauraya ma'auni biyu. Dole a da b su zama da ma'aunin lokaci ɗaya, in shekara shekara, in wata wata. Wasu kuma sukan tara a da b maimakon su ninka. Maganin duka ɗaya ne: a sa x ya zama 1,000 a kalkuleta, a ga ko abin da ya fito ya yi kusa da amsar da aka rubuta. Mai kwamfuta zai iya buga waɗannan layuka biyu a manhajar jadawalin lissafi, na farko ya ba shi 181,670 na wata-wata, na biyu ya ba shi iyakar:

```
=100000*(1+0.12/12)^(12*5)
=100000*EXP(0.12*5)
```

Amma kada a zarce da gwajin. Na'ura tana riƙe lambobi ne iya wani adadi, kusan gurbi goma sha biyar ko sha shida a kwamfuta. Idan aka sa x ya zama 1 mai sifiri goma sha shida a bayansa, 0.12/x zai yi ƙanƙantar da na'urar za ta share shi, ta ɗauki cikin baka a matsayin 1 cif, ta mayar wa mutum da naira 100,000 ɗinsa babu ƙarin ko kwabo. Tun kafin a kai nan ma, lambobin kan fara tangal-tangal, su hau su sauka ba bisa ƙa'ida ba. Duk wanda ya ga haka ya san gazawar na'ura ce yake kallo, lissafin yana nan yadda yake.

A nan ya dace a tsaya kan wata magana da ke zuciyar masu karatu da yawa. Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, kuma haramcin kuɗin ruwa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Wani zai ce to me ya haɗa shi da wannan lissafi? Abin da ya haɗa shi da shi yana da yawa, domin tsarin bai san daga ina ƙarin ya fito ba. Abin da ya sani kawai shi ne akwai dukiya da ke ƙaruwa gwargwadon girmanta, kuma ana mayar da ƙarin cikinta. Mai sayar da hatsi a Dawanau da ke juya jarinsa, yana mayar da ribar kowane zagaye cikin saye na gaba, a kan wannan tsari yake tafiya. Haka mai ajiya a bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, idan yana barin rabon ribarsa a cikin asusun. Bambancin shi ne ribar kasuwanci ba tsayayya ba ce, yau ta hau gobe ta sauka, wani lokaci a yi asara, don haka a nan harafin a ƙiyasi ne, babu wanda ya lamunce shi. Adashe kuwa yana wajen wannan lissafi gaba ɗaya: abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, a ɗinsa sifiri ne, kuma amfaninsa yana wajen tara kuɗi dunƙule da tilasta wa kai tanadi.

Sukuk na gwamnatin tarayyar Najeriya ya nuna wani sharaɗi da ake yawan mantawa. Na farko ya fito a 2017, na naira biliyan 100, na shekara bakwai, an riƙa biyan masu shi kuɗin haya sau biyu a shekara. Kuɗin hayar nan asusun mutum yake shiga, ba ya komawa cikin jarin da kansa. Wanda ya kashe shi yana kan lissafin malamar da ke kwashe ƙarinta ta kai gida. Tsarin (1 + a/x)^(bx) yana aiki ne kawai idan an mayar da kowane ƙari nan take, kuma an same shi a kan kashi iri ɗaya da na farko. Da zarar an ciri wani abu, ko kashin ya sauya, ko an cire haraji da cajin banki, dole a sake lissafi daga wannan gaɓar.

To ina amfanin sanin iyakar ga mai ajiya? Amfaninta na farko shi ne auna tayi. A ce wuri ɗaya ya ce zai ba da kashi 12 cikin 100 kuma kullum yake zuba ƙarin, wani wurin ya ce kashi 13 amma sau ɗaya a shekara. Kalmar "kullum" tana da daɗin ji a talla. Amma iyakar kashi 12 a shekara ɗaya ita ce e^(0.12), wato 1.1275. Ma'ana, ko da wurin farko ya koma zubin da ba ya yankewa, ba zai wuce kashi 12.75 ba, bai kamo 13 ba. A shekara biyar, mai kashi 13 zai mayar da naira 100,000 ta zama 184,244, ya ɗara rufin ɗayan da fiye da naira dubu biyu. Ba sai an san ko wata-wata ne ko mako-mako wurin farko ke lissafi ba. Iyakar ta riga ta yanke hukunci. A ganin wannan marubuci, wannan ne abu mafi daraja da talaka zai ɗauka daga dukan maganar: yawan zubi ƙaramin abu ne mai rufi a kansa, kashi da tsawon lokaci su ne masu nauyi, domin su ne ke zaune a saman e.

Amfani na biyu shi ne sanin yaushe kuɗi zai ninka. Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Akwai wani allon yumɓu daga tsohuwar ƙasar Babila, mai shekaru kusan dubu huɗu, da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre a Faris, wanda ke tambayar tsawon lokacin da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka a kan kashi 20 cikin 100 a shekara. Da lissafin shekara-shekara amsar tana tsakanin shekara uku da huɗu. Da e kuwa abin ya zo da sauƙi: ana neman lokacin da e^(ab) zai zama 2, kuma hakan na faruwa ne idan ab ya kai 0.693. Saboda haka a raba 69.3 da kashin, a samu shekaru. A kashi 12, shekara 5.8 ke nan, wato shekara biyar da kusan wata tara. Masu harkar kuɗi sun fi amfani da 72 maimakon 69.3, domin ta fi dacewa da zubin shekara-shekara kuma tana rabuwa da lambobi da yawa ba saura. Luca Pacioli na Italiya ya ambaci wannan ƙa'ida a littafinsa na 1494. Da ita, kashi 12 ya ba da shekara shida, ainihin amsar zubin shekara-shekara kuwa 6.1 ce.

Sai dai kada mai karatu ya tafi da tunanin cewa yawan zubi ba ya taɓa yin tasiri. Yana yi sosai idan kashin ya yi girma, kuma a wurin bashi aka fi ganin kashi mai girma. A ɗauki mai ba da rance da ke cewa kashi 5 cikin 100 ne kawai a wata. Sau goma sha biyu, kashi 60 ke nan a shekara, in ana biyan ruwan kowane wata a kan lokaci. Idan kuwa ba a biya ba, ana ɗora shi kan uwar bashin, naira 100,000 za ta zama 179,586 a ƙarshen shekara, kusan kashi 80. In kullum ake ɗorawa, bashin ya kusa 182,212. Wannan lambar ba baƙuwa ba ce: ita ce ta malamar makaranta, domin a nan ma ab ya zama 0.6, sai dai kashi 60 ne sau shekara ɗaya a maimakon kashi 12 sau shekara biyar. Abin da mai ajiya ya yi shekara biyar yana jira, mai bin bashi ya tara shi a kan wani cikin wata goma sha biyu. Kuma a lura da faɗin tazarar: a wurin malamar, tsakanin zubin shekara-shekara da iyaka naira dubu shida ce ba kaɗan, a wurin mai cin bashin, ta haura dubu ashirin da biyu.

Tsarin yana aiki ta baya ma. Idan a ya zama lamba mai ragewa, (1 − a/x)^(bx) ya dosa e^(−ab), kuma da shi ake lissafa duk abin da ke zaizayewa gwargwadon girmansa, kamar yadda wasu magunguna ke raguwa a jinin mutum bayan an sha. Ƙarfin sayen kuɗi ma haka yake zaizayewa, kuma wannan ne ramin da ya fi cin masu ajiya a Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, in aka kwatanta da Disambar da ta gabace ta. A irin wannan shekara, naira 100,000 da aka ajiye a kan kashi 12, ko da zubin da ba ya yankewa ne, ta zama 112,750 a takarda. A raba ta da 1.348, sai a ga kayan da za ta iya saya daidai suke da na naira 83,642 a farkon shekarar. Wanda ya ɓoye tasa a gida kuwa, abin da ya rage masa na ƙarfin saye 74,184 ne. Ajiyar ta rage asara, amma ba ta hana ta ba, kuma babu yawan zubin da zai cike wannan giɓi, tun da gaba ɗaya abin da zubin zai iya ƙarawa a shekarar naira 750 ne.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa tayin ajiya, ko aka miƙa masa takardar rance ya sa hannu, kada ya tsaya kan kashin da aka rubuta da manyan haruffa, kada kuma kalmar "kullum" ko "wata-wata" ta ɗauke masa hankali. Ya nemi a rubuta masa lamba ɗaya: in na kawo naira 100,000 yau, ko na karɓi naira 100,000 yau, nawa za ta zama nan da wata goma sha biyu bayan an cire ko an ɗora duk wani caji? Sannan ya ɗauki wannan lamba ya ajiye ta kusa da hauhawar farashin shekarar kafin ya yanke shawara.